TAFARNUWA DA JININ MUTUM

Jawabinmu na yau a kan tafarnuwa ya ke. Mutane da yawa su kan zo ɗakin shan magani su tambayi malamin asibiti, wai gaskiya ne tafarnuwa ta na tsinka jini? Waɗansu ma har sun bar shan maganin da likita ya ba su, sun koma cin tafarnuwa. To, ku saurara ku ji yadda abin ya ke.

Inda warin ya ke fitowa

Ku ɗauki dunƙulen tafarnuwa wanda ba a ɓare ba, ku sansana. Ba za ku ji wani wari mai ƙarfi ba. Amma ku ɓalli ƙwara ɗaya ku sa a turmi ku daka, nan da nan wari zai cika gida. Abin da ke ba da warin nan da yajin nan masana su na kiransa alisin. Waɗansu masana biyu a Amirka, Cavallito da Bailey, su ne suka fara ware shi a shekarar 1944.

Ƙwarar tafarnuwa wadda ba ta ji rauni ba, babu alisin a cikinta. Akwai dai abubuwa biyu da a ke haɗawa a same shi, kowanne da ɗakinsa. Na fari sunansa aliyin. Ba shi da wari, amma akwai farar wuta cikin ginuwarsa. Na biyu sunansa aliyines, aikinsa kuwa shi ne ya karya aliyin. Muddin su na rabe, babu abin da zai faru, kamar dai tsinken ashana da gefen akwatinsa. Ko shekara suka yi a aljihu ɗaya, wuta ba ta tashi sai an ƙyasta.

Daka ko tauna ko yanka, shi ne ƙyastawar. Sa'ad da taɓarya ta farfasa ƙananan ɗakunan nan, sai aliyines ya tarar da aliyin ya raba shi. Gutsattsarin da suka fita kuma sai su haɗu biyu biyu, ko wane biyu su zama alisin ɗaya. Aikin ba ya daɗewa, kafin minti ɗaya ya cika yawancinsa ya ƙare. Saboda haka tafarnuwar da aka daka lilis ta fi wadda aka yanka manya manya yaji, don an fasa ɗakuna da yawa. Wannan makami ne da shukar ta ke kāre kanta da shi daga ƙwari da ruɓa. Yawansa kuwa kaɗan ne ƙwarai. In an raba nauyin ƙwarar kashi 1,000, alisin bai wuce kashi 3 ko 4 ba.

Abin da wuta ke yi masa

Aliyines ba ya jure zafi, ba ya kuma jure tsami mai ƙarfi. In uwargida ta jefa ƙwara sukutum cikin miya mai tafasa, zafi zai kashe aliyines tun bai sadu da aliyin ba. Shi ya sa dafaffiyar tafarnuwa ba ta da yaji. Ruwan cikin mutum kuma mai tsami ne ainun, ya kan tsai da aliyines. Wanda ya haɗiye ƙwara ba tare da ya tauna ba, ba zai sami alisin kamar wanda ya tauna ba.

A shekarar 2007 waɗansu masana a ƙasar Ajantina sun gwada wannan. Sun dafa tafarnuwa, sa'an nan suka auna ƙarfinta a kan jini cikin kwalba. Wadda aka tafasa minti 3 ba ta rasa ƙarfinta ba. Da aka kai minti 6, wadda ba a daka ba ta rasa ƙarfinta ɗungum, wadda aka daka tun farko kuwa da saura. Da aka wuce minti 10, duka biyu sun mutu. Ku duba fa, miyarmu ta kan fi haka daɗewa bisa murhu. Watau tafarnuwar miya ƙanshi ta ke ba ku, ba ruwanta da jininku.

Masu toshe ɓaraka cikin jini

Yanzu sai mu koma wajen jini. In likita ya dubi jini da madubinsa, ban da jajayen ƙwayoyi da farare, akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsi waɗanda likitoci ke kira filetilet. A nan za mu kira su ƙwayoyin toshiya. A cikin ɓargo a ke yinsu, ko wace ɗaya kuma ta kan yi kwana 7 zuwa 10 kafin ta mutu a sake wata. Ɗan ɗigon jini kamar kan fil ya na ɗauke da 150,000 zuwa 400,000 daga cikinsu.

Kun san yadda mai lambu ya ke yi in ruwa ya ɓalle daga fangali. Ya kan yi maza ya danƙara laka a wurin. Haka ƙwayoyin nan su ke. In wuƙa ta yanke ku, na kusa su kan manne a bakin raunin. Sa'an nan su saki wani sinadari na kiran gayya, 'yan'uwansu su taru. Daga nan sai su kama juna da wani zare-zare da ke cikin jini, su zama toshi. Cikin 'yan mintoci jini ya tsaya.

Amma aikin nan ya na da fuska biyu. In ƙwayoyin sun yi sanyi, jini ba ya tsayawa da wuri. In kuwa suka taru cikin jijiyar da ta ƙuntata, su kan toshe hanyar jini zuwa zuciya ko ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Domin wannan ne likita ya kan ba waɗansu mutane ƙaramar ƙwayar asfirin kullum. Asfirin ya na hana kiran gayyar nan, kuma ƙwayar toshiyar da ya taɓa ba ta komawa daidai har ta mutu.

Alisin da ƙwayoyin toshiya

In an zuba ruwan ɗanyar tafarnuwa dakakkiya a kan jini cikin kwalba, lalle ƙwayoyin toshiya su kan kāsa haɗuwa. Alisin ya na liƙe wa sassan jikinsu masu farar wuta, kiran gayya ya raunana. In kuma dakakkiyar tafarnuwa ta jiƙu cikin mai, wani kashi na alisin ya kan rikiɗa ya zama wani abu wai shi ajowin, wanda ke hana ƙwayoyin kama zaren da ke ɗaure su. Wannan duka gaskiya ne, daga nan kuma zancen tsinka jini ya samo asali. Ku lura kuma, jinin ba ya zama ruwa-ruwa. Daskarewarsa ce ta ke jinkiri.

Amma kwalba dabam, jikin mutum dabam. Alisin ba ya daɗewa. Da ya shiga ciki sai jiki ya sāke shi ya zama waɗansu abubuwa, har in an ɗebi jinin wanda ya ci tafarnuwa ba a samun alisin a ciki. Ɗaya daga cikin abubuwan nan shi ne ke fita ta huhu, shi ya sa ko mutum ya yi aswaki warin ba ya barin numfashinsa.

A shekarar 2007 likitoci a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya sun gwada a jikin mutane 18 lafiyayyu. Sun ba su ɗanyar tafarnuwa giram 4 da 'yan kai, watau kamar ƙwara ɗaya ko biyu, suka auna jininsu. Ƙwayoyin toshiya ba su sāke ba. Da aka ba su asfirin kuwa, sai aka ga bambanci a fili. Saboda haka ku riƙe wannan da kyau: tafarnuwa ba ta maye gurbin asfirin. Wanda likita ya ɗora bisa magani, in ya bari ya koma tafarnuwa, ya bar jijiyarsa ba tsaro.

Inda hatsarin ya ke

Kada kuma ku ce tun da haka ne, kome yawanta ba laifi. A shekarar 1990 likitoci a Amirka sun ba da labarin wani tsoho mai shekara 87, wanda ya ke cin ƙwara 4 kullum don kāre zuciyarsa. Ba faɗuwa ya yi ba, ba bugunsa aka yi ba, sai jini ya zuba ya taru kusa da lakarsa, ƙafafunsa suka mutu, har sai da aka yi masa tiyata. Da suka auna, suka tarar ƙwayoyin toshiyarsa ba su aiki sosai, suka ɗora zargi bisa tafarnuwar. Labarin mutum ɗaya ba ya zama hukunci a kan kowa, amma ya isa gargaɗi.

Mu yi misali. A ce ga wani dattijo, likita ya sa shi shan asfirin kullum. Wani aboki ya ba shi shawara, ya shiga daka ƙwara 5 ya na sha da zuma ko wace safiya. Ga shi kuma za a cire masa haƙori. Asfirin ya riga ya rage ƙarfin ƙwayoyinsa, ya kuma ƙara musu wani nauyi, likita bai sani ba. Abin da ya kamata shi ne ya gaya wa likita tun ran da aka sa rana, ya faɗi ƙwara nawa ya ke ci, ɗanya ko dafaffiya. Likitoci su kan ce a bar cin tafarnuwa don magani aƙalla kwana 7 kafin tiyata, domin ɓargo ya sami damar yin sababbin ƙwayoyi. Asfirin ɗin kuwa, kada ya tsai da shi da kansa, wannan hukuncin likita ne.

Masu yin hattara su ne mai shan asfirin, da mai shan wafarin ko wani maganin hana jini daskarewa, da wanda za a yi wa tiyata, da mai ciki wadda haihuwarta ta kusa, da wanda zai je wurin wanzami a yi masa ƙaho. Waɗannan su ci ta cikin miya kamar kowa, amma kada su mai da ɗanya ko ƙwayoyin tafarnuwa na kanti abin sha kullum sai sun yi shawara da likita.

Ga alamun da za ku gane jini ba ya tsayawa yadda ya kamata. Dasashi ya riƙa jini in an yi aswaki. Haɓo ya riƙa zuwa a kai a kai. Jini ya kwanta ƙarƙashin fata ba tare da an buge ba. Ɗan yanka ya ƙi tsayawa ko da an danne shi minti 10. In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku bar ɗanyar tafarnuwa, ku zo ɗakin shan magani da dukan magungunan da ku ke sha. Amma in mutum ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, to, wannan ba na jira ba ne, a kai shi babban asibiti a ranar.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.