Lissafin Haja Mai Lamba da Launi: Yadda Ake Kauce wa Sayar da Abin da Babu

Mai sayar da abaya a Kasuwar Kantin Kwari ta Kano, wanda yake ciniki a shago yana kuma tallata kayansa ta WhatsApp, yakan faɗa cikin matsalar karɓar kuɗin riga ɗaya daga hannun mutum biyu, musamman idan Sallah ta gabato. Tushen kuskuren yana ga yadda ake ƙidayar kayan, domin wanda ya rubuta cewa yana da abaya 60 bai faɗi abin da zai amfani mai saye ba, tun da ita baƙa take nema, mai lamba 56, wato mai tsawon inci 56. Idan samfuri ɗaya yana da lambobi biyar, daga 52 zuwa 60, da launuka huɗu, to haja iri 20 ce a hannunsa, kuma kowane iri yana bukatar layinsa a littafi.

Kowane layi kuma yana bukatar adadi uku: abin da ke cikin shago, abin da aka kama wa wani, da abin da ya rage na sayarwa, wanda ake samu idan an debe na biyu daga na farko. A ce baƙa mai lamba 56 guda shida ce a kan kanta, an biya kafin alƙalami a kan biyu, ɗaya kuma an turo kuɗinta ta banki ana jiran mai kai saƙo ya zo ya ɗauka. Ido yana ganin shida, amma uku ne kawai na sayarwa, kuma yaron shagon da bai duba littafi ba zai sayar da huɗu hankalinsa kwance. Saboda haka ake rubuta kamun a lokacin da aka yi alkawari, ba a jira sai kaya sun fita, sannan a cire rigar daga kanta a ɗaure ta a leda da sunan mai ita. Kamun da ba a sa masa wa'adi ba shi ma ɓarna ne, domin yakan tsare haja har kasuwarta ta wuce.

Littafin dole ya zama ɗaya, ko na takarda ne ko na waya, domin littafi biyu ba sa daɗewa ba su saɓa ba. Sunan launi ma sai an tsayar da shi, kada abin da maigida ya rubuta ruwan ƙasa yaro ya rubuta shi ruwan goro. Alamar irin wannan ruɗani tana bayyana a ƙidayar ƙarshen mako: jimillar kaya ta yi daidai da littafi, amma wani layi ya yi rarar ɗaya, na kusa da shi kuma ya yi giɓin ɗaya, abin da ke nuna cewa an sayar da wani iri an rage daga wani, ba sata aka yi ba.