Nawa Gidan Burodinka Zai Yi Idan Ka Tashi Sayarwa?

Duk wanda ya tashi sayar da sana'arsa, abin da ya kashe yake fara lissafawa. Shi kuwa mai saye ba wahalarka ta baya ya zo saya ba, ribar da za ta riƙa shiga aljihunsa ce ta kawo shi, kuma a kanta ya kamata a yi ciniki.

Mu ɗauka ga gidan burodi mai cinikin naira miliyan 6 a wata. An biya fulawa da sukari da yis da itace, an sallami ma'aikata da mai haya, sai naira 500,000 ta rage. Maigidan zai ce ribarsa ke nan, alhali shi ne yake sammako tun asuba yana tsaye kan kwaɓi da rabon kaya ba tare da albashi ba. Wanda ya saya dole ya ɗauki manaja, a ce a kan 150,000. Tanda da janareta ma suna tsufa, sai a ware musu 50,000. Saura 300,000, wato miliyan 3.6 a shekara. A kuma duba wata 12 cur a takardar banki da rasit ɗin buhunan fulawa, don cinikin watan azumi shi kaɗai yana ruɗi.

Daga nan tambayar ita ce, shekara nawa mai saye zai yarda ya jira kafin kuɗinsa su dawo? Idan aka daidaita a kan shekara biyu da rabi, darajar ta kama miliyan 9. A cire bashin dilan fulawa na miliyan 1.5, ya zama miliyan 7.5. Shekarun kan ragu idan hayar wurin ta kusa ƙarewa, ko kuma masu sari don mutuncin maigidan kawai suke zuwa, ranar da ya tafi su bi shi.

Wani zai ce ai ya zuba miliyan 15 kafin wurin ya tsaya da ƙafarsa. Ba a musa masa ba, sai dai kuɗin da bai haifi riba ba ba a ɗora wa mai saye shi. Inda yake da hujja shi ne idan tanda da injin kwaɓi da motar rabo, a farashin gwanjo na yau, sun haura miliyan 9. To a nan gara ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya ya biya bashinsa.

Shigar mai zuba jari kuma a nan ake yawan rigima. Idan ya kawo miliyan 2.5, zai ce kashi ɗaya cikin uku ne nasa, tunda miliyan 7.5 aka ƙiyasta. Amma kuɗinsa cikin sana'ar suka shiga, ta koma ta miliyan 10, don haka rubu'i ne rabonsa. Ba zai samu sulusi ba sai idan aljihun maigidan kuɗin suka tafi, wato wani ɓangare ya saya daga hannunsa. A rubuta wanne ne aka yi a gaban shaidu tun kafin kuɗi su canza hannu.