Afolo ta shiga aji: takardar da ta kamata makaranta ta aika wa iyaye

A ce ranar Litinin yaro ɗaya ya zo aji uku na firamare da jan ido, yana ta murza shi da bayan hannu. Ranar Laraba sun zama biyar, uku daga cikinsu benci ɗaya suke zama. Kafin a tashi ranar Alhamis labari ya kai gidaje, kowa da irin yadda ya ji shi: wata uwa an ce mata idon yaro na zubar da jini, wani uba an ce masa duk wanda ya kalli mai ciwon ya kamu. Makaranta ba ta ce komai ba, don hedimasta yana gudun kada a ɓata wa makarantarsa suna.

Wannan shirun shi ne kuskure na farko. Ciwon idon da muke kira afolo yana da saurin yaɗuwa, amma a mafi yawan yara da kansa yake warkewa. Abin da ya fi nakasa ido shi ne abubuwan da ake ɗiga masa a gida cikin firgici. Takarda mai shafi ɗaya, idan ta isa gida a rana ta biyu ko ta uku, tana iya tare yawancin wannan ɓarnar.

An fara ganin wannan nau'i na ciwon ido a matsayin annoba a Gana a shekarar 1969, daidai lokacin da kumbon Afolo 11 ya kai mutane duniyar wata, shi ya sa sunan ya bi shi har yau a Afirka ta Yamma. Ƙwayar cutar bairos ce ke kama siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido da cikin fatar ido. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kwana ɗaya ne zuwa biyu, shi ya sa aji kan cika da jajayen idanu cikin mako guda. Yaro zai ce kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, fatar ido ta kumbura, da safe kwantsa ta manne idon. Wani lokaci ƙananan jijiyoyi kan fashe, jini ya kwanta a farin ido jawur. Ganin wannan ne ke tayar wa iyaye hankali, alhali jinin yana ƙarƙashin fatar ne, bai taɓa gani ba, kuma a hankali yake washewa.

Ga irin takardar da nake ganin ta wadatar:

“Zuwa ga iyayen yara 'yan aji uku. Assalamu alaikum. Muna sanar da ku cewa a wannan makon an samu yara biyar a ajin da ciwon ido mai yaɗuwa, wato afolo. Yawanci yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma karatu yana ci gaba kamar kullum. Muna roƙo ku duba idon yaranku kowace safiya. Wanda idonsa ya yi ja yana hawaye ko kwantsa, ya zauna a gida har hawayen da kwantsar su tsaya. Ba za a rubuta masa fashi ba, kuma za mu aiko masa da aikin aji. A ware masa tawul, soso da matashin kai. Kowa a gidan ya riƙa wanke hannu da sabulu, musamman bayan taɓa idon yaron. A goge kwantsa da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a ɗiga masa komai a ido sai abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. A kai shi asibiti a ranar idan yana jin zafi mai tsanani, ko ganinsa ya ragu, ko ba ya iya buɗe ido a haske, ko an ga farin tabo a baƙin idon, ko mugunya na zuba da yawa, ko akwai zazzaɓi da ƙuraje. A namu ɓangaren mun ajiye ruwa da sabulu a ƙofar ajin, kuma muna goge bencina kullum. Mai tambaya ya zo ofishin hedimasta ko ya kira lambar da ke ƙasa. Allah ya ba yaranmu lafiya.”

Babu sunan yaro ko ɗaya a ciki, kuma da gangan ne. Da zarar an ce “ɗan gidan wane ne ya kawo”, an ba yara abin tsokana, iyaye kuma sun koyi darasin ɓoye ciwo, su turo yaro da tabarau ko su ce ƙura ce ta shiga masa ido. Adadin kuwa an faɗe shi yadda yake. Uwar da aka ce wa “yara biyar” ta san girman abin; wadda aka ce wa “wasu yara” za ta ƙara nata lissafin. Haka nan maganar cewa ba za a rubuta fashi ba tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin tsoron rasa gwaji ko bulalar fashi ne ke sa a turo yaro makaranta da ido yana tsiyaya.

Shawarar tsafta ba ta aiki sai an san hanyar da cutar ke bi. Ba ta bin kallo. Tana cikin hawaye da kwantsa: yaro ya murza ido, ya taɓa fensir, abokinsa ya ari fensirin, shi ma ya sosa ido. Baƙin tabarau yana rage wa mai ciwon zafin haske, yana kuma ɗan hana shi kai hannu, amma ba ya kare wanda ke zaune kusa da shi. Saboda haka rubuta “a kula da tsafta” kawai bai gaya wa kowa abin yi ba. Dole a ambaci kayan da sunansu, irin waɗanda ake tarayya a kansu a gidajenmu: tawul ɗaya da yara huɗu ke goge fuska da shi bayan wanka, gefen zane ko mayafin da uwa ke share wa wannan hawaye ta share wa wancan majina, hijabin da 'yan mata ke ara wa juna, matashin kai, hannun buta. Sai kuma tandun kwalli. Tsinke ɗaya ya shiga idon mai ciwo ya koma tandu, ya fito ya shiga idon jaririya, to an gama raba cutar. A ajiye kwalli gaba ɗaya har gidan ya warke, wanda aka riga aka sa wa mai ciwo kuma a zubar da shi.

Wanke hannu yana nufin sabulu da ruwa mai zuba, a cuɗa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Kwano ɗaya da yara talatin za su tsoma hannu a ciki bai yi ba. Gara buta, ko jarka mai famfo, wani ya zuba wa wani. Man goge hannu mai sinadarin barasa, wanda aka saba da shi lokacin korona, ba ya kashe irin wannan bairos sosai, don haka bai maye gurbin sabulu ba. Bencina da hannun ƙofa kuwa a goge su da ruwan bilic: idan irin na kanti ne mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwa ya isa, a haɗa sabo kowace rana, a kuma ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Goge idon ma yana da tsari. A wanke hannu, a jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa sau ɗaya daga wajen hanci zuwa wajen kunne, a jefar. Ɗaya idon a ɗauko sabuwar auduga. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora a kan ido a rufe, yana rage raɗaɗi da kumburi.

Jimlar da ta fi kowace nauyi a takardar ita ce ta hana ɗiga abu a ido. Idan afolo ta zo, kowa likita ne: ruwan sukari, ruwan albasa, nonon uwa, ruwan gishiri mai kauri, har da fitsari. Waɗannan ko dai su ƙona baƙin ido, ko su kai masa ƙwayoyin cutar da suka fi afolo sharri. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya sa wa ido cutar da ke huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Kemis ma akwai nasa haɗarin. Ana sayar da maganin ɗigawa mai sitiroid, irin su deksametason da betametason, wanda ke kawar da ja nan da nan har uwa ta ce ta dace. Amma idan akwai gyambo a baƙin idon, sitiroid yana ƙara masa zurfi, kuma yawan amfani da shi na iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Maganin kashe bakteriya, kamar kuloramfenikol ko man tetirasaikilin, ba ya kashe bairos. Ma'aikacin lafiya kan rubuta shi ne idan ya ga alamar bakteriya sun shiga, wato kwantsa mai kauri, rawaya ko kore. Kwalba ɗaya kuma ta mutum ɗaya ce, ba a zagaya gida da ita.

Akwai dalilin da ya sa aka lissafa alamun zuwa asibiti ɗaya bayan ɗaya. Malamin aji ba likita ba ne, kuma ba kowane jan ido ne afolo ba. Jan ido tare da zazzaɓi, tari, mura da ƙuraje yana iya zama ƙyanda, wadda ke buƙatar a sanar da hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma, a ba yaro bitamin A, a kuma duba katin rigakafin sauran. A ɗaya gefen kuma akwai yaran da idonsu ke ƙaiƙayi ya yi ruwan ƙasa-ƙasa duk lokacin ƙura da zafi. Wannan borin jiki ne, ba ya yaɗuwa, kuma zalunci ne a kore su gida duk shekara. Jariri da bai cika wata ɗaya ba, idan idonsa ya kumbura yana mugunya, ba a jira ko kwana ɗaya. Makarantar da ta san akwai masu jego cikin iyayen ajin ta ƙara wannan a takardarta.

Maganar ranar dawowa ita ce ake yawan jayayya a kai. A ganina ma'auni mai sauƙi shi ne tsayawar hawaye da kwantsa, wanda kan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. Jinin da ya kwanta a farin ido yana iya ƙara mako ɗaya ko biyu kafin ya washe, kuma ba dalili ba ne na ci gaba da tsare yaro a gida. Rufe aji gaba ɗaya ba kasafai yake da amfani ba, tunda yaran za su haɗu a layi, a Islamiyya da wajen ɗibar ruwa. Abin da ya fi shi ne a aika wa malaman Islamiyyar unguwa kwafen takardar, su ma su ajiye sabulu.

Ba duk iyaye ke karanta boko ba, takardar da aka cusa a jakar ɗan shekara takwas kuma ba lallai ta fito ba. Saboda haka a rubuta ta da Hausa, a karanta wa yaran a aji, hedimasta ya naɗi muryarsa yana karanta ta a tura wa iyaye ta waya. Idan bayan mako guda adadin ya ƙaru ko ya ragu, a sake aika layi biyu a faɗa. Ku kuma iyaye, idan irin wannan takarda ta iso, ku duba idon yaran tun kafin su sa kayan makaranta, wanda ya kamu ku sanar da malaminsa a ranar.