Takardar da aka manna a ƙofar gidan burodi

Wani gidan burodi da nake saye ya manna sanarwa mako guda kafin ya ƙara kuɗi. Da godiya suka fara, sannan suka kawo dalili: buhun fulawa mai kilo 50 ya tashi, domin mafi yawan alkamar da Najeriya ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Suka rubuta tsohon farashi da sabo, da ranar da zai fara aiki.

Abin da ya kwantar mini da rai shi ne alkawarin cewa nauyin burodin ba zai ragu ba. Wasu sukan bar farashi su rage ƙwaɓi, sai ka matsa burodi ka ji iska. Mai shayin da ke sarar ashirin kullum ya samu kwana bakwai na gyara lissafinsa.