Dogon Hanci Ko Saurin Saiti: Cinikin Da Ke Cikin Haɗa Bindiga A Gem

Duk mai buga Call of Duty: Mobile a waya ya san wurin da ake kira Gunsmith, inda ɗan wasa ke haɗa bindigarsa da kansa. Gem ɗin ya fito a watan Oktoba na 2019, wannan sashe kuma aka ƙara shi a 2020. Yawancin bindigogi suna da gurabe har tara da za a iya maƙala wani abu, kamar baki, hanci, madubin saiti, gindi, mariƙi da gidan harsashi, amma biyar kaɗai aka yarda ka cike. Kuma kusan duk abin da ka maƙala, zai ba ka da hannun dama ya karɓa da na hagu. Masu gem ɗin sun yi haka da gangan, don kada bindiga ɗaya ta fi ƙarfin kowa a ko'ina.

Inda sababbin 'yan wasa suka fi yin asara shi ne dogon hanci, irin su OWC Marksman. Da yawa suna ɗauka yana ƙara wa harsashi ƙarfi, alhali abin da yake ƙarawa nisa ne. A wasan ƙungiya da ƙungiya, kowane ɗan wasa yana da lafiya 100, kuma kowane harsashi yana rage wani kaso daga ciki. Wannan kason yana raguwa mataki-mataki yayin da abokin hamayya ke ƙara nisa. Aikin dogon hanci shi ne ya tura iyakar kowane mataki gaba. A kusa, ɓarnar harsashinka tana nan yadda take, ko da hancin ko babu shi.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi, tunda na ainihi suna sauyawa duk lokacin da aka sabunta gem ɗin. A ce bindigarka tana fitar da harsashi 600 a minti, wato guda goma a sakan ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai milisakan 100. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A ce harsashi huɗu ke kayar da mutum in bai wuce mita 20 ba, in ya wuce sai biyar. Harsashi huɗu suna cin milisakan 300, domin na farko yana fita ne da taɓa kunama. Biyar kuwa suna cin 400.

Yanzu ka sa hancin da ke ƙara nisa da kashi 25 cikin ɗari. Iyakar mita 20 ta koma 25. Duk wanda ka tarar tsakanin mita 20 da 25, ka rage harsashi ɗaya, ka ci ribar milisakan 100. Riba ce ta gaske. Amma hancin ya ƙara nauyi, ɗaga bindiga zuwa ido da ke cinka milisakan 250 ya koma, a ce, 300. A allon gem wannan shi ne ADS Time. Ribar tana zuwa ne a ɗan tsakanin mita biyar ɗin nan, da makamancinsa a matakan da ke gaba, hasarar milisakan 50 kuwa tana binka duk inda ka yi kiciɓis da mutum bindigarka tana ƙasa. A mita goma, kai da wanda bai sa hancin ba harsashi huɗu kuke buƙata, amma shi zai gama a 550, kai sai a 600. Kafin harsashinka na huɗu ya fita, ka riga ka faɗi.

Saboda haka fili ne ke yanke hukunci. A Shipment, inda kwantenoni suka matse kowa wuri guda, da wuya ka yi harbin da ya wuce mita 20, dogon hanci kaya ne kawai. A Crossfire, mai dogon titi a tsakiya, yana biyan kuɗinsa. Halin ɗan wasa ma yana shiga lissafi: wanda ke tsayawa a kusurwa da saiti a ɗage yana jiran mai wucewa bai biya komai ba, tunda ya riga ya ɗaga bindigar. Mai gudu yana kutsawa cikin ɗakuna shi ke biya, sau da yawa a kowane zagaye.

Babban gidan harsashi shi ma da nasa farashi, galibi jinkirin saiti, wani lokaci har da jinkirin lodi ko na tafiya. Tambayar a nan ita ce mutum nawa kake fuskanta kafin ka samu sararin lodi. A takarda, harsashi 30 sun isa mutum bakwai. A hannun mai yatsa kan gilashin waya, rabi suna tafiya iska, kuma ana ci gaba da harbi bayan mutum ya faɗi, don haka ka ƙiyasta goma ga kowane mutum. Mutum uku ke nan. A Hardpoint, inda waɗanda aka kayar ke dawowa nan take suna tururuwa wuri ɗaya, ƙarin harsashi goma na iya riƙe maka wurin. A Search and Destroy, inda rai ɗaya ne a zagaye kuma yawanci ɗaya bayan ɗaya ake haɗuwa, sai ka mutu da harsashi 25 a bindiga, waɗanda ba su amfane ka da komai ba sai nauyi.

Daga nan sai mutum ya fara faci. Ya sa dogon hanci da salansa irin Monolithic Suppressor, saiti ya yi nauyi, sai ya cire gindin bindiga da No Stock don ya dawo da sauri. Bindigar ta koma zillo, sai ya nemo mariƙin da zai danne ta. Ya ƙara OWC Laser - Tactical, wanda ke gaggauta saiti, amma haskensa yana tona inda yake in ya ɗaga bindiga. Gurabe biyar sun cika, uku daga ciki gyaran ɓarnar biyu suke yi. Ni a ganina wannan ita ce babbar asara a Gunsmith. Taura biyu ba ta taunuwa: ka zaɓi nisan da kake son yin faɗa, ka haɗa bindigar dominsa, sannan ka guje wa faɗan da ba nata ba.

Hanyar gane abin da ke damunka ba ta da wuya, domin gem ɗin yana sake nuna maka yadda aka kayar da kai. In kana faɗuwa tun saiti bai gama hawa ba, kayanka sun yi nauyi. In lodi ne ke kama ka a tsakiyar faɗa, ƙara gidan harsashi. In kana samun mutum daga nesa sau uku, sau huɗu, yana shigewa bayan bango da rai, a nan dogon hanci zai yi maka rana. In kuwa harsashinka sama yake tafiya, zillo ne matsalar, ƙarin nisa ba zai gyara ta ba. Sai dai ka duba lambar saurin intanet da ke gefen allo tukuna, ita ma da milisakan ake auna ta. In ta haura 150 tana tsalle, jinkirin layi ya fi duk abin da hanci ya jawo maka.

Kada ka kwafi haɗin wani gwani daga bidiyo ka ɗauka an gama, domin wayarsa da layinsa da salon wasansa ba naka ba ne. Sauya abu ɗaya kawai, ka buga wasa biyar a fili guda, ka duba yadda kake faɗuwa, sannan ka taɓa na biyu.