Wata Nawa Garatuti Zai Yi Kafin Ya Ƙare?

A ɗauki ma'aikaci a Wudil da ya yi ritaya, aka biya shi garatuti Naira miliyan biyar. Ya zuba kuɗin a asusun da ke ba da ruwa kashi 1 cikin 100 kowane wata, shi kuma yana cirar Naira 100,000 a ƙarshen wata don cefane da kuɗin makarantar yara. Da a gida ya ɓoye su, wata 50 za su yi.

A banki lissafin daban ne. Watan farko miliyan biyar ta haifi 50,000, ya ciri 100,000, saura 4,950,000. Ke nan 50,000 kaɗai ya taɓa daga uwar kuɗi. A wata na biyu uwar ta ragu, ruwanta ya sauka zuwa 49,500, sai ya gutsiri 50,500 daga jikinta. Haka gutsiren zai yi ta girma da kashi 1 cikin 100 duk wata, har asusun ya ƙare a wata na 70, wato shekara shida ba wata biyu. Mai amfani da Excel zai sami amsar da layi ɗaya, 69.66:

```
=NPER(0.01, 100000, -5000000)
```

Abin da ke yaudarar mutane shi ne yadda kuɗin ke tafiya. A wata na 35, rabin hanya ke nan, saura kusan miliyan 2.9. Mutum ya duba ya ga ko rabi bai ci ba, sai ranar Juma'a ya shiga Kara ya sayi sa. Alhali wannan ragowar ma wata 35 kawai za ta yi, domin ruwan da ke tallafa mata ya ja baya.

Saboda haka lambar da ya kamata a fara dubawa ita ce ruwan watan farko, a gwada ta da abin da ake cira. In 50,000 kawai yake cira, uwar kuɗi ba za ta motsa ba. In 60,000 ne, za su kai shekara 15. In kuwa 150,000 ne, wata 41 sun ƙare, ruwan bai ƙara masa ko wata takwas ba.

Lissafin ya ɗauka ruwan ba ya canzawa. Wanda ya guji kuɗin ruwa saboda addini, ya kai nasa bankin Jaiz bisa tsarin mudaraba, ribarsa na hawa tana sauka, don haka gara ya yi lissafi da ƙaramin kason da ya taɓa samu. Ga kuma tsadar kaya, wadda a 2024 hauhawarta ta haura kashi 30 cikin 100 a Nijeriya. A irin wannan hauhawa, cefanen da 100,000 ta yi bana sai 130,000 baɗi, kuma da zarar ya ƙara abin da yake cira, wata 70 ɗin nan sun tashi, sai a sake lissafi daga abin da ya rage.