Ba Duk Jinin Bayan Gida Ne Basir Ba

Da mutum ya ga jini jawur bayan ya zaga, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne basir, sai ya nufi mai magani a kasuwa. Amma cututtuka uku ne suka fi addabar dubura: tsagewa, basir da maruru. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya fi saurin bambanta su shi ne lokacin da zafin yake zuwa.

A ɗauki misalin direban babbar mota da ya yi kwanaki a hanya, ruwa kaɗan yake sha, cimarsa burodi da shayi da tsire. Cikinsa ya ɗaure. Ranar da ya tsuguna ya yi yunƙuri, sai ya ji kamar an yanke shi da reza, ya ga ɗan jini a jikin bayan gidan da kuma wajen tsarki. Bayan ya tashi, raɗaɗin bai sake shi ba har tsawon awa ɗaya ko biyu. Wannan ita ce tsagewa: bayan gida mai tauri ya yaga fatar bakin dubura, galibi ta wajen baya.

Abin da ke hana ta warkewa shi ne naman da ke riƙe dubura. Zafi kan sa ya ɗaure tamau, jini ya ragu a wurin, rauni kuwa ba ya haɗewa sai da jini. Sannan mutum ya fara tsoron shiga ban ɗaki, ya riƙe, bayan gida ya ƙara tauri, ya sake yaga wurin. Don haka ake fara magani da tausasa ciki: shan ruwa sosai, cin zogale, kuɓewa, wake da gwanda, da zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 bayan an zaga. Mai shan taramol ko kodin ya sani cewa suna ɗaure ciki. Idan an wuce mako 6 ba sauƙi, likita kan ba da man shafawa mai sassauta naman, wanda ake amfani da shi har mako 6 zuwa 8. Wani irinsa yana sa ciwon kai. Tsagewar da ta daɗe takan fito da ɗan tsiron fata a bakinta, kuma shi ne mutane da yawa ke ɗauka basir ne.

Basir na ciki kuwa jijiyoyin jini ne da suka kumbura, kuma yawanci ba ya zafi. Jinin kan ɗiga ko ya yi tsartuwa bayan an gama, wani lokaci tsoka ta leƙo ta koma, ko sai an tura ta. Yakan yi zafi ne idan ya fito ya maƙale, ko jini ya daskare a na waje. A nan za a ji ƙullutu mai tauri ya bayyana farat ɗaya, zafinsa ya tsananta kwana 2 zuwa 3, sannan ya fara lafawa. Yawan yunƙuri, daɗewa a tsugune da juna biyu suna cikin abubuwan da ke jawo shi.

Maruru shi ne wanda ba a yi masa jinkiri. Ƙananan ƙofofin da ke cikin dubura ne ke toshewa, mugunya ta taru. Zoginsa ba ya jiran a zaga: dare da rana yana bugawa, kullum ƙaruwa yake, zama ya gagara, wurin ya kumbura ya yi zafi, sau da yawa har da zazzaɓi. Jini ba shi ne babbar alamarsa ba. Maganinsa shi ne likita ya tsaga ya fitar da mugunyar, domin ƙwayoyi kaɗai ba sa isa. Mai ciwon suga ya je asibiti a ranar, saboda ciwon kan bazu da sauri a jikinsa. Idan daga baya wurin ya ci gaba da tsattsafo da mugunya, to wata 'yar hanya ce ta ɓulle daga ciki zuwa fata, ita ma sai an yi mata aiki.

Akwai jinin da bai shafi ko ɗaya daga cikin ukun ba. Idan ya cakuɗu da bayan gida, ko bayan gidan ya yi baƙi ƙirin, ko akwai majina da murɗar ciki, ko mutum yana ramewa, ko yanayin zagawarsa ya canza na makonni, to matsalar tana iya kasancewa a can cikin hanji, daga atuni har zuwa ciwon daji. Wanda ya haura shekara 40 ya fara ganin jini, ya bari a duba shi ko da ba ya jin zafi. Kada kunya ta sa a bari wani ya yanke ko ya ƙona tsiron a gida, domin idan aka lalata naman da ke riƙe dubura, mutum yana iya kasa riƙe bayan gida har abada.